Zoben Hajiya ya dawo daga wurin maƙeri da farin zane

Hajiya Binta: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da matsala, masu sani su taimaka. Bara na sayo zoben zinari a Dubai mai jan dutse, yaƙutu, wanda kuke cewa rubi. Mai shagon ya auna dutsen ya ce karat huɗu ne, kuɗin dutsen kaɗai dala 900, ban da zinarin. Ya yi mini yawa a yatsa, sai shekaranjiya na kai wa maƙeri a nan Kano ya rage shi. Da na karɓo, dutsen duk ya yi farin zane-zane kamar busasshen tabki, ƙyallin ma ya mutu. Maƙerin ya rantse bai canja mini dutse ba. To ko dai tun farko kwalba aka sayar mini?

Ɗanlami Jos: Wa alaikumus salam Hajiya. Abu mai sauƙi. Samo fasasshen gilashi ki karce shi da dutsen. In ya karce, rubi ne na gaske, maƙerin ne ya ƙona miki. In bai karce ba, an yi miki sakiyar da ba ruwa.

Usman Maƙeri: Malam Ɗanlami, a daina saurin ɗora wa maƙera laifi. Shekarata 19 ina aikin zinari. Rubi da safaya, wato shuɗin yaƙutu, suna cikin duwatsun da ba mu cika jin tsoronsu ba, sau da yawa muna liƙe ƙasan zobe suna kai, mu tsoma a ruwan asid mu wanke, su fito lafiya lau. Zumurrudu ne ba ma wasa da shi, shi sai an cire. Amma a 'yan shekarun nan sau uku ina ganin irin abin da Hajiya ta faɗa, kuma duka ukun jajaye ne manya masu araha.

Alhaji Sale Bankok: Hajiya, sannu da haƙuri. Kar ki karce komai, gwajin Ɗanlami ba zai gaya miki abin da kike nema ba. Ko farin dutsen ƙanƙara na rafi yana karce gilashi, rubin da aka haɗa a masana'anta ma yana karcewa. Tambaya biyu zan yi miki. Kafin ki kai shi, in kin juya shi a rana, kina ganin wani walƙiya shuɗi-shuɗi ko ruwan lemo yana giftawa a ciki? Sannan an ba ki takarda?

Hajiya Binta: Ƙwarai kuwa Alhaji, akwai shuɗin nan, ni har shi ya burge ni na saya. Takarda kuma wani ɗan kati ne mai hoton zoben, an rubuta dutse ne na asali.

Alhaji Sale Bankok: To shi ke nan. Ban riƙe shi a hannu ba, amma duk alamun sun nuna rubi ne da aka ɗura wa gilashin dalma. Katin bai yi ƙarya ba, bai dai faɗi gaskiyar duka ba. Dutsen daga ƙasa aka tono shi.

Yadda ake yi shi ne, ana samun rubi mai tsaga da yawa, wanda in kin gan shi ɗanye ba za ki sunkuya ki ɗauka ba, duhu gare shi kamar tsakuwa. Abin da ke hana haske ratsa shi iskar da ke cikin tsagogin ce. Sai a jiƙa shi a asid a wanke ƙasar da ke cikin tsagar, a gasa shi, a haɗa shi da garin gilashi mai dalma, a mayar murhu a wuta wajen digiri 900. Gilashin ya narke ya bi kowace tsaga ya cika ta. Dalilin sa dalma shi ne tana sa gilashin ya riƙa karya haske kusan daidai da yadda rubi yake karyawa, sai ido ya daina ganin tsagar. Tsakuwa ta koma kamar alawa. Shuɗin walƙiyar da ya burge ki, wurin da gilashi da dutse suka haɗu ne.

Wannan kaya ya cika kasuwa tun 2004, da farko da duwatsun Madagaska, kuma a garin Cantaburi na ƙasar Tailan ake yawancin aikin, tafiyar awa uku zuwa huɗu daga nan Bankok inda nake. Matsalarsa, gilashin ba shi da ƙwari. Wajen digiri 700 yake fara zufa yana fitowa, wutar maƙeri kuwa ta wuce haka. Asid ɗin wanki yana cinye shi. Kai, ko ruwan lemon tsami ya daɗe a kansa sai ya dusashe. Farin zanen da kike gani tsagogin asali ne suka bayyana bayan gilashin bakinsu ya zube.

Hajiya Binta: Innalillahi. To nawa ne kuɗinsa na gaskiya?

Alhaji Sale Bankok: Kar ranki ya ɓaci. Irin wannan, a tire ake zuba su a nan. Na sha sayensu ƙasa da dala 20 kowane karat don masu kayan ado na araha. Naki mai karat huɗu, ko ya yi kyau, da wuya ya kai dala 100. Kuma akwai ƙarin haushi: gilashin dalma nauyi gare shi, cikin karat huɗun da aka auna miki wani kaso ba dutse ba ne.

Maman Ilham: Wai jama'a dalma ba guba ba ce? Ba ita ta kashe yara a Zamfara a 2010 ba? Ni fa ina da sarƙa mai jajayen duwatsu, yanzu duk jikina ya yi sanyi.

Nafisa: Anti, ita ce, amma can ƙurar dutsen zinari ce da ake niƙawa a cikin gida yara suna shaƙa suna haɗiya. Nan tana ɗaure cikin gilashi. Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne mai yanka dutsen da mai goge shi. Kar dai a bar yaro ya riƙa tsotsa.

Ɗanlami Jos: To ai maganata ta fito. Duk dutsen da wuta ta taɓa jabu ne. Shi ya sa ni ɗanye kawai nake saye a bakin rami.

Alhaji Sale Bankok: A'a Ɗanlami, nan ka haɗa doki da jaki. In duk abin da aka gasa jabu ne, to mafi yawan rubi da safaya da ke manyan shagunan duniya jabu ne ke nan. Gashi zalla daban, ɗurin gilashi daban. A gashi zalla ba a ƙara wa dutsen komai, abin da ke cikinsa ne ake motsawa, kuma launin ya zauna ke nan har abada. Maƙeri ya yi aikinsa, a wanke da sabulu, jikoki su gada.

Misalin da kowa a wannan sana'a ya sani shi ne gewuda ta Sirilanka. Safaya ce fara-fara mai hazo kamar an ɗiga madara a ruwa, mutanen can ba su ɗauke ta a bakin komai ba. A shekarun 1970 'yan Tailan suka riƙa saye da araha suna kwasowa. Hazon nan wasu siraran allurai ne a cikin dutsen, muna ce musu siliki, kuma wani sinadari ne mai suna taitaniyam a cikinsu. In aka kai wuta digiri 1600 zuwa sama, alluran sai su narke, taitaniyam ɗin ya shiga jikin dutsen ya haɗu da ƙarfen da ke wurin, shuɗi ya fito. Kafin 'yan Sirilanka su farga an yi dukiya da abinsu.

Nafisa: Ƙarin bayani kan na Alhaji, don na ga ana raba su kamar abu biyu. Rubi da safaya dutse ɗaya ne. In sinadarin kuromiyam ya shiga ya yi ja, a ce rubi. In ƙarfe da taitaniyam ne ya yi shuɗi, a ce safaya. Shi ya sa Larabawa suke ce wa duka biyun yaƙutu, sai su bambanta da launi. Kuma sai wuta ta haura digiri 2000 yake narkewa, shi ya sa yake jure gashin da zai tarwatsa wani dutsen.

Ɗanlami Jos: To in gashi ba laifi ba ne, me ya sa masu saye suke fara tambayar ko an gasa?

Alhaji Sale Bankok: Saboda ƙaranci. Wanda ya fito daga ƙasa da kyansa ba tare da taimako ba kaɗan ne. A ƙananan duwatsu na rabin karat, bambancin ba ya da yawa, wani ma ba ya tambaya. Amma da dutse ya girma ya yi kyau sai ratar ta buɗe. A abin da na gani da idona, safaya mai kyau ta karat biyar da takardar cewa ba a gasa ba tana iya ninka 'yar'uwarta gasasshiya, rubi kuma ya fi haka. Rubin Mozambik ɗin nan mai karat 55.22 da aka yi gwanjonsa a Niyok a 2023 kan dala miliyan 34.8, ba a gasa shi ba. Da an gasa, da ba mu ji labarinsa ba.

Akwai kuma na tsakiya da ke rikita mutane. Rubin Mong Su na ƙasar Miyanma da ya fito a farkon shekarun 1990 yana da duhun shuɗi a tsakiya, ga tsaga. Ana gasa shi da boraks, irin wanda su Usman suke sa wa a liƙi. Boraks ɗin yana narkar da bangon tsagar kaɗan, in ya huce sai tsagar ta haɗe kamar ƙashin da aka ɗora. Wannan ba ya zubewa irin na Hajiya, amma ɗakin gwaji yana rubuta yawan ragowar da ta maƙale a ciki, kuma kuɗi yana sauka gwargwadon yawanta.

Malam Buba Gembu: Salamu alaikum. Ku gafarce ni, ni tawa ta sha bamban. Muna haƙar safaya a nan Mambila. Ina da kaya wajen giram 40, yawanci masu duhu, in ba ka haska tocila ba sai ka ce baƙaƙe ne. Wani mai saye ya taya da wulaƙanci, ya ce sai an kai waje an gasa. Wani yaro kuma ya ce in ba shi ya gasa mini a maƙera da gawayi da zuga-zugi. In ba shi?

Ɗanlami Jos: Ba shi mana Malam Buba. Mu a Jos haka ake yi wa dutsen akwamarin, a gasa, kore-koren ya tafi, ya koma shuɗi tas.

Nafisa: Yaya Ɗanlami, na akwamarin gaskiya ne, amma shi wajen digiri 400 kawai yake so. Ba layinsu ɗaya da safaya ba.

Alhaji Sale Bankok: Malam Buba, don Allah kar ka ba shi. Labarin gewuda da na bayar kishiyar naka ne. Ita fara ce ana nema mata launi, naka launin ne ya yi yawa. Safayar Mambila da ta kudancin Kaduna dangin ta Ostireliya ce da ta nan Tailan, aman wuta ne ya fito da su, kuma ƙarfe ya yi yawa a jikinsu. Wuta ba ta fitar da ƙarfe. Abin da masu murhu suke yi shi ne su gasa da iska mai yawa a ciki, duhun ya ɗan sassauta. Gawayi kuwa cinye iskar yake yi, yana ma iya ƙara maka duhu. Sannan in akwai wani ɗan ƙwayar dutse a ciki, zafi zai kumbura shi ya fasa kewayensa, ka ga wani faifai kamar ƙwai a kasko. Mai saye yana sa madubi ya gan shi ya san an gasa. Ka yi asara biyu: dutse ya tsage, sunan ɗanye ya tafi.

Ga abin da zan yi in ni ne. Giram 40 karat 200 ke nan, tunda karat biyar ne giram. Zauna da safe a hasken rana, ban da tocila, ka ɗora su kan farar takarda. Waɗanda shuɗinsu ya fito da kansu, ko guda shida ne, ware su, kar wuta ta kusance su, kar kuma ka sayar da su cikin tari. Mambila ta fitar da masu kyau sosai wajen 2014, har nan aka san sunanta, kuma darajarsu ita ce ba a taɓa su ba. Sauran masu duhun ka sayar a kan kuɗin masu duhu.

Malam Buba Gembu: To shi mai sayen me zai yi da baƙaƙen, tunda ka ce wuta ba ta gyara su sosai?

Alhaji Sale Bankok: Wasu a yanka su ƙanana da faɗi don haske ya ratsa. Wasu kuma a gasa su da sinadarin birilyam, wanda yake shiga jikin dutsen daga waje ya sauya launi. Wannan ya tayar da ƙura a nan a ƙarshen 2001 zuwa 2002, lokacin da safaya mai ruwan hoda da lemo ta cika kasuwa kwatsam, 'yan Japan suka saya da tsada, daga baya aka gano sirrin. Launin ba ya gogewa, amma kuɗinsa ƙasa yake sosai da na gashi zalla, tunda daga waje aka shigo da abin. Mugun abin shi ne madubin hannu ba ya kama shi, sai babban ɗakin gwaji mai na'urar leza.

Isuhu Maraɗi: Ina yi wa kowa sallama. Ni zumurrudu na saya wa mai ɗakina. Da ta wanke shi da ruwan zafi da omo sai tsaga ta fito. Mai sayarwa ya ce wai a shafa mai. Wane irin mai, na gyaɗa?

Usman Maƙeri: Ka ji dalilin da ya sa na ce ba ma wasa da shi.

Alhaji Sale Bankok: Malam Isuhu, bai yi maka ƙarya ba. Zumurrudu ba a gasa shi, fashewa zai yi. Kuma da wuya ka samu marar tsaga, ko na Kolambiya ko na Zambiya. Don haka kusan kowanne an sa masa mai, kasuwa ta yarda da hakan tun da daɗewa. Wanda aka saba da shi man itacen sida ne, mai kauri marar launi. A wanke dutsen, a zuƙe iskar da ke cikin tsagar, a tura man da ɗan ɗumi da matsi. Dabarar ɗaya ce da ta gilashin Hajiya, bambancin shi ne mai ana iya wanke shi da asiton a sake sa wani, dutsen bai lalace ba. Omo da ruwan zafi sun fitar da naka ne kawai.

Abin da ke yanke kuɗi shi ne yawan man. Ɗakunan gwaji suna rubuta babu, ko kaɗan, ko matsakaici, ko mai yawa. A takardar ɗakin gwajin nan na Amurka, GIA, za ka ga F1, F2 ko F3, wato kaɗan, matsakaici ko mai yawa. Biyu za su yi kama a ido, amma mai F3 in man ya bushe sai ka ga kamar an taka shi da mota. Wanda ba shi da mai sam kuma yana da kyau, wannan sai manya: akwai mai karat 18.04 da aka sayar dala miliyan 5.5 a 2017.

Maman Ilham: Na taɓa jin an ce har manja ake sa musu.

Alhaji Sale Bankok: Hahaha, Maman Ilham kin ji ƙishin-ƙishin. A Kolambiya akwai abin da suke kira falma, wato man kwakwar manja, amma suna ne kawai, wani ƙaro ne na masana'anta. Da farko ya ɓoye tsaga fiye da mai, bayan wani lokaci ya yi fari kamar nono a cikin dutsen. Akwai ire-irensa da ake sa musu abin daskarewa, su kuma fitar da su aiki ne. Wasu dillalai sun fi son ƙaron don ba ya bushewa, wasu ba sa taɓa dutsen da aka sa wa. Har yau ba a daidaita ba.

Nafisa: Namu na wajen Gwantu da Nasarawa Eggon fa, yawanci sun fi tsabta, ba sa buƙatar mai da yawa. Matsalarsu launin ne ba ya da ƙarfi, har a yi ta gardama ko zumurrudu ne ko koren beril, ɗan'uwansa mai ƙarancin launi.

Ɗanlami Jos: Shi ya sa wasu ke jiƙa su a koren mai kafin su kawo kasuwa. Na gani da idona, ba zan faɗi suna ba.

Alhaji Sale Bankok: Yauwa, wannan kam ka faɗi daidai, kuma wannan ba gyara ba ne, rini ne. Da mai ya ɗauki launi hukuncinsa ya canja. Haka ake yi wa fararen duwatsu masu tsaga, a tsoma su a jan rini a jera a zare a ce rubi. Maman Ilham, gwada sarƙarki: ɗiga ruwan goge jan farce a auduga ki murza ƙwaya ɗaya ta wajen maɗauri. In audugar ta yi ja, rini ne. In ba ta yi ba, ba shaida ba ce, don wani ana rufe shi da kakin zuma. Sai ki duba a rana: rini yana taruwa a cikin tsaga da bakin huda, jikin dutsen kuma ya yi fari-fari. Amma kar a gwada wannan a kan zumurrudu, zai tsotse man.

Maman Ilham: Na gwada. Audugar ta yi ja kamar an yanka kaza. Allah ya isa.

Isuhu Maraɗi: To ni tambayata ta shari'a ce. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Wanda ya sayar da gasasshe ko mai mai bai faɗa ba, ya yi algus?

Alhaji Sale Bankok: A nan tsakanin dillalai, in ba a ce komai ba, kowa ya ɗauka an gasa, kuma kuɗin gasasshe ake biya. Wanda ya ce ɗanye ne shi zai kawo takarda. Ban ga algus a nan ba.

Nafisa: Tsakanin dillalai ke nan, Alhaji. Hajiya da ta shiga shago ta san wannan al'adar? Ni a ganina duk abin da in mai saye ya ji zai rage tayi, dole a faɗa masa, har gashin.

Alhaji Sale Bankok: Gilashi da rini da birilyam, na bi ki ɗari bisa ɗari. Gashi zalla kuwa, wani lokacin ni kaina ban sani ba. Akwai gashin ƙaramar wuta da ake yi wa rubin Mozambik, allurai ba sa narkewa, madubina ba ya nuna komai. In rantse a kan me?

Nafisa: Sai ka ce ba ka sani ba, ka sayar a kuɗin gasasshe.

Alhaji Sale Bankok: In kuma ɗanye ne na yi kyauta da rabin kuɗina ke nan. Gwaji kuɗi ne, ba kowane dutse ya cancanci a kai shi ba. A bar wa malamai wannan.

Hajiya Binta: Ku dawo kaina don Allah. Yana gyaruwa? Kuma maƙerin zan kama ko mai shagon?

Usman Maƙeri: Ni dai yanzu duk jan dutse babba sai na sa madubi na nemi kumfa a ciki kafin in kunna wuta. In na gani sai in cire shi tukuna. Ya kamata ɗan'uwana ya yi haka, amma wanda ya karɓi dala 900 shi ya san abin da ya sayar.

Ɗanlami Jos: Lafiya lau ta kai zobenta, a lalace ta karɓo. Maƙeri ya biya wani abu.

Alhaji Sale Bankok: Ana sake ɗura masa gilashi a Cantaburi ya dawo kamar da, amma kuɗin aikawa ya fi kuɗin dutsen. In za ki koma Dubai, akwai ɗakunan gwaji a can, ki kai a rubuta miki abin da ke ciki, ki tafi shagon da wannan takardar da katinsu da rasit. Ba na yi miki alƙawarin za su mayar.

Hajiya Binta: Rasit ɗin yana nan. Sai dai akwai 'yan kunne da abin wuya da na saya tare da shi, na riga na sa su a lefen ɗana, an kai tun watan jiya.

Alhaji Sale Bankok: To ki sa a gaya wa amarya ta riƙa cire su kafin ta shiga kicin ko ta taɓa lemon tsami da bilic, kuma kar a kai wa maƙeri ba a faɗa masa ba. Ki ɗauko mini hoton na wuyan a rana, ta baya, in gani ko duk irinsu ɗaya ne.

Hajiya Binta: Ta baya a rufe yake da zinari, Alhaji.

Alhaji Sale Bankok: Turo ta gaban haka nan.